Mutum Nawa Ne Suka Gani? Rikicin Ƙidaya a Rahoton Dandalan Sada Zumunta

A watan Nuwamban 2016 kamfanin Facebook ya fito ya amsa wani kuskuren lissafi da ya shafe watanni yana tafkawa. Tun daga watan Mayun shekarar, allon da ke nuna wa masu shafuka yawan mutanen da saƙonsu ya kai gare su a mako ɗaya, ko a kwana 28, tara adadin kowace rana kawai yake yi, ya ɗora na yau a kan na jiya. Wanda ya ga shafin ranar Litinin, ya sake gani Talata da Laraba, sai a rubuta shi mutum uku. Kamfanin ya ce bayan gyara adadin mako zai ragu da kashi 33 cikin ɗari a matsakaici, na kwana 28 kuwa da kashi 55. Ke nan fiye da rabin jama'ar da ake taƙama da su a rahoton wata babu su, maimaici ne.

Facebook ya gyara nasa tuni. Amma kuskuren bai mutu ba, ya koma cikin rahotannin da kamfanonin talla, gidajen jarida da ƙungiyoyi ke haɗawa da manhaja. Manhajar takan shiga kowane dandali da kanta ta wata ƙofa da ake kira API, ta kwaso lambobi daga Instagram, Facebook, YouTube da X, ta jera su a jadawali guda, ta tara, ta aika wa manaja da safiyar Litinin. Babu hannun mutum a tsakani, don haka babu wanda zai tsaya ya tambaya ko abubuwan da aka tara jinsinsu ɗaya.

Ƙidaya biyu da ake rikitawa

Lambobi biyu ne suka fi yawo a irin waɗannan rahotanni. Ta farko ita ce wadda ake gani a allo da sunan Impressions, wato sau nawa saƙo ya fito a gaban wani. Ta biyu ita ce Reach, wato kawuna nawa daban-daban ne suka gan shi aƙalla sau ɗaya. Idan mutum ɗaya ya ci karo da hoto sau biyar, fitowa biyar ce, kai ɗaya. Idan aka raba ta farko da ta biyu, a samu abin da allo ke kira Frequency, wato sau nawa kowane mutum ya gani a matsakaici.

Kowace daga cikinsu tana da tarkonta, kuma tarkunan ba iri ɗaya ba ne. Fitowa tana taruwa daga rana zuwa rana ba tare da matsala ba, amma kowane dandali da abin da yake kira fitowa. Kawuna kuwa ma'anarsu ta fi kusa da juna a dandalai, sai dai ba sa taruwa ko kaɗan. Mai biki ya san haka: idan mutum ɗari uku suka zo kamu, ɗari biyar suka zo ɗaurin aure, ɗari huɗu suka zo walima, ba zai ce ya tara mutum dubu ɗaya da ɗari biyu ba, domin dangin da suka zo kamun su ne dai suka cika walimar.

Kowane dandali da ma'auninsa

Tun a 2014 wata hukumar sa ido kan ma'aunin kafofin watsa labarai a Amurka, mai suna Media Rating Council, ta shimfiɗa ƙa'ida ga tallan intanet. Kafin a ce talla ya ganu, sai rabinsa ya kasance cikin allo na tsawon sakan ɗaya a jere, bidiyo kuwa sakan biyu. Ƙa'idar ta talla ce, kuma ba ta tilasta wa dandalai yadda za su ƙirga saƙonnin yau da kullum. Shi ya sa kowa ya yi nasa.

A tallan Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ana ƙirga fitowa da zarar tallan ya shigo allo. Idan mutum ya wuce shi da yatsa sannan ya dawo kansa a zama ɗaya, guda ɗaya ce. LinkedIn yana neman rabin saƙon ya bayyana na ƙasa da sulusin sakan ɗaya. A dandalin X, lambar da aka fara nunawa a ƙarƙashin kowane saƙo a Disamban 2022 tana ƙirga maimaici, har da kallon da mai saƙon ya yi wa nasa saƙon. TikTok yana ƙirga kallo da zarar bidiyo ya fara tafiya.

YouTube ne ya fi kowa fita daban, kuma a nan rahotanni suka fi yin tuntuɓe. Abin da YouTube Studio ke kira Impressions ba bidiyon ba ne, ɗan hoton bangon bidiyon ne. Idan rabin wannan hoto ya bayyana fiye da sakan ɗaya a cikin YouTube, an ƙirga fitowa ɗaya, ko da mutumin bai taɓa shi ba. Idan kuma wani ya kalli bidiyon daga farko har ƙarshe ta hanyar mahaɗin da aka turo masa a WhatsApp, an samu kallo amma ba a samu fitowa ba. Saboda haka fitowa a Instagram tana nufin abin da aka wallafa ya shiga idon mutum, a YouTube kuwa tana nufin an yi masa tayin kallo ne kawai.

Mako ɗaya a jadawali

A ƙaddara wani kamfanin sabulu ya saki bidiyo ɗaya a dandalai huɗu, manhaja kuma ta haɗa rahoton mako. Lambobin na misali ne, amma tafiyar lissafin ita ce ake gani a zahiri.

Instagram ya ba da kallo 54,000, Facebook 30,000, YouTube ya ba da fitowa 90,000, X kuma 25,000. Manhajar ta zuba duka a gurbi ɗaya, ta fitar da jimilla 199,000, ta zana da'ira mai launi da ke nuna YouTube ya kawo kashi 45 cikin ɗari. Manaja da ya ga wannan zai ce a mayar da kuɗin talla can. Amma da aka duba YouTube Studio, cikin fitowar 90,000 ɗin kashi 5 ne kawai suka kai ga dannawa, wato kallo 4,500. Da aka haɗa da waɗanda suka shigo ta wasu hanyoyi, kallon bidiyon gaba ɗaya 6,000 ne. Dandalin da rahoto ya ɗora a sama shi ne wanda aka fi ƙarancin ganin bidiyon a cikinsa.

Wannan ba ya nufin YouTube ya gaza. Wanda ya zaɓi danna bidiyo da kansa yana iya zama ya fi wanda bidiyon ya gifta ta gabansa saurare. Abin da ya tabbata shi ne lambar 199,000 ba ta auna komai ba, domin an haɗa tayin kallo da kallon kansa.

Sai a zo kan kawuna. Manhajar tana shiga Instagram kowane dare ta ɗauko adadin ranar: 4,000, 5,500, 5,000, 3,500, 6,000, 4,500 da 3,500. Ranar Lahadi ta tara, ta samu 32,000. Da an tambayi Instagram adadin makon a dunƙule, da ya ce 18,000, domin shi ya san waɗanda suka dawo. Bambancin bai tsaya nan ba, ya shiga sauran lissafi. Kallo 54,000 a kan kawuna 18,000 yana nufin kowa ya gani sau uku. A kan 32,000 kuwa sau 1.7 ne. Mai tsara talla da ya ga 1.7 zai ɗauka mutane ba su ƙoshi da bidiyon ba tukuna, ya ƙara tura shi, alhali waɗanda yake bi sun riga sun fara gundura.

Maganin wannan ɗaya ne: adadin kawuna na kowane tsawon lokaci sai an roƙe shi daga dandalin kai tsaye. A ɓangaren tallan Meta, kalma guda a cikin buƙatar da manhaja ke aikawa ce ke raba hanyoyin biyu:

```
fields=reach,impressions,frequency&time_increment=1
fields=reach,impressions,frequency&time_increment=all_days
```

Layin farko yana dawo da adadi na kowace rana, wanda ya dace da zanen hawa da sauka. Na biyu yana dawo da adadi ɗaya na dukan kwanakin da aka zaɓa, bayan an cire maimaici. Rahoton da ke son na rana, na mako da na wata dole ya yi tambaya uku, ya ajiye amsa uku. Haka abin yake idan an rarraba bisa tallace-tallace ko wuraren fitowa: kawunan talla na ɗaya da na biyu ba sa haɗuwa su ba da na kamfen gaba ɗaya.

Tsakanin dandali da dandali

A ce an gyara wancan. Instagram 18,000, Facebook 12,000, YouTube kuma, ta lambarsa mai suna Unique viewers, 4,800. X bai ba da komai ba, domin ga saƙon da ba na talla ba fitowa yake bayarwa, ba kawuna ba. Mutum nawa ne suka ga bidiyon sabulun?

Babu dandalin da zai iya amsawa, tun da YouTube bai san waɗanda ke Instagram ba. Abin da za a iya faɗa da gaskiya iyaka biyu ne. Idan duk waɗanda suka gani a Facebook da YouTube suna cikin na Instagram, adadin 18,000 ne. Idan babu ko mutum ɗaya da ya gani a wuri biyu, 34,800 ne. Amsar tana tsakanin nan, kuma rahoto mai gaskiya zai rubuta duka biyun, tare da bayanin cewa X ba ya ciki. Manhajar da ta cike gurbin X da sifili, sannan ta raba 199,000 da 34,800, za ta ce kowa ya gani kusan sau shida, lambar da babu wani mutum a duniya da ta siffanta.

Masu tsara tallan jarida da talabijin suna da wata tsohuwar dabara ta kimanta maimaici. Sukan ɗauka cewa gani a wuri ɗaya bai da alaƙa da gani a ɗaya wurin. Idan jama'ar da ake nufa 100,000 ne, Instagram ya kai ga kashi 18, Facebook kashi 12, to waɗanda suka gani a duka biyun za su zama kashi 18 na kashi 12, wato mutum 2,160. A cire su daga 30,000, saura 27,840. Lissafin yana da tsabta, amma zaton da aka gina shi a kai yana da rauni a nan. Mai ƙaunar kamfani yakan bi shi a duk inda yake da shafi, don haka maimaicin gaske yakan zarce abin da dabarar ta bayar, adadin kawunan kuma ya yi ƙasa da 27,840. Duk rahoton da ya yi amfani da ita ya kamata ya rubuta cewa kiyasi ne, ya kuma faɗi daga ina aka samo 100,000 ɗin.

Akwai wuri ɗaya da ake samun amsa kai tsaye. Idan kamfen ɗin talla guda ya gudana a Facebook da Instagram ta Ads Manager, Meta yana cire maimaici tsakanin su biyun gwargwadon abin da ya sani. Ko a nan ba mutane yake ƙirgawa ba, asusu ne, kuma allon ya rubuta haka: Accounts Center accounts. Mai asusu biyu da bai haɗa su ba yana iya zama mutum biyu, iyalin da ke amfani da waya ɗaya da asusu ɗaya kuma mutum ɗaya ne. A Satumban 2017 wani mai nazarin harkar talla, Brian Wieser, ya nuna cewa allon tallan Facebook yana alƙawarin kai wa ga matasa miliyan 41 masu shekara 18 zuwa 24 a Amurka, alhali alƙaluman ƙidayar ƙasar sun nuna miliyan 31 ne ke akwai. Wancan kiyasin kafin talla ne, ba sakamakon bayansa ba, amma ya nuna tazarar da ke tsakanin asusu da mutum.

Ranar da ma'auni ya sauya

Ko da an daidaita komai yau, dandalai suna sauya ma'anar lambobinsu. A Fabrairun 2018 Facebook ya daina ƙirga saƙon da aka ɗora wa mutum a jerin labaransa amma bai gangaro ya kai gare shi ba, ya koma ƙirga wanda ya shigo allo kawai. Masu shafuka da yawa suka ga adadinsu ya faɗi ba tare da sun sauya komai ba.

Shekarar 2025 ta kawo sauyi biyu a jere. Daga 31 ga Maris, YouTube ya fara ƙirga kallon gajerun bidiyoyinsa na Shorts a duk lokacin da bidiyo ya fara ko ya sake farawa, ba tare da sharaɗin tsawon kallo ba. Tsohon ma'aunin bai ɓace ba, an sauya masa suna zuwa Engaged views. Makonni uku bayan haka, a 21 ga Afrilu, Meta ya daina ba da `impressions` da `plays` na Instagram ta API, ya maye gurbinsu da `views`, wanda ke ƙirga farawa da sake farawar bidiyo, da kuma fitowar hoto a allo.

Sauye-sauyen biyu ba su yi wa manhajoji illa iri ɗaya ba. Na Instagram ya zo da hayaniya: gurbi ya bushe ko buƙata ta dawo da kuskure, dole wani ya lura. Na YouTube kuwa shiru ya shigo, domin sunan lambar bai sauya ba, abin da ke cikinta ne ya sauya. Jadawali ya ci gaba da cika, layi ya yi tsalle sama a farkon Afrilu, rahoto kuma ya rubuta bunƙasa. Wanda ke son gwada watannin 2025 da na 2024 a Shorts sai ya bi Engaged views, shi ne ya ci gaba da tsohon awo.

Ko kalmar rana ma ba ɗaya ba ce. Alƙaluman da YouTube ke bayarwa ta API suna bin agogon yammacin Amurka, tallan Meta kuma yana bin agogon da aka saita wa asusun tallan. Tsakar daren California ƙarfe takwas na safe ne a Kano ko Zinder a wasu watanni, ƙarfe tara a wasu. Bidiyon da aka saki bayan asuba ranar Juma'a zai faɗa ranar Alhamis a wajen YouTube, ya faɗa Juma'a a asusun da aka saita a agogon Legas. A rahoton wata wannan ba ya wani tasiri. A rahoton rana da rana kuwa yana iya sa a ɗauka wani dandali ya riga wani tashi.

Yadda ake gane rahoto ya karkace

Ba sai mutum ya iya rubuta manhaja ba kafin ya kama yawancin waɗannan kurakurai. Idan adadin kawunan mako ya yi daidai cif da jimillar na kwana bakwai, an tara ne, ba a tambaya ba. Idan kawuna sun fi fitowa yawa, an haɗa lambobi daga lokuta ko ma'auni daban, domin ba a ganin abin da bai fito ba. Idan duk shafukan da ake kula da su suka tashi ko suka faɗi rana guda a dandali guda, a fara duba sanarwar dandalin kafin a yaba wa ma'aikata ko a zarge su. Idan kuma kwana biyun ƙarshe kullum suna fitowa ƙasa, jinkirin alƙaluma ne: YouTube kan ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya kammala nasa, don haka manhaja mai kyau tana komawa ta sake ɗauko kwanakin baya.

Masu gina irin waɗannan rahotanni da suka ƙware suna ajiye kowace lamba da sunanta na asali, ba sa wanke ta su zuba a gurbi na gama-gari. Kusa da ita sukan rubuta dandalin da ta fito, tsawon lokacin da ta rufe, agogon da aka bi, ko ta talla ce ko ta saƙon kyauta, da ranar da ma'anarta ta fara aiki. Suna kuma yi mata alama ko tana taruwa ko ba ta taruwa, yadda manhajar za ta ƙi tara kawuna ko da wani ya nema. Inda dandali bai ba da lamba ba, a bar gurbin a buɗe a rubuta babu, kada a sa sifili. A kan zanen kuma a ja layi a tsaye ranar da ma'auni ya sauya.

Gwaji tsakanin dandalai yakan fi inganci idan aka sauko zuwa abin da ake iya aunawa da ma'auni ɗaya a wuri ɗaya, kamar mutanen da suka iso shafin kamfanin daga kowane dandali, ko odar da aka yi. Abin da ya rage, kowane dandali a gwada shi da kansa: Instagram na wannan wata da Instagram na watan jiya.

Manyan masu talla na neman amsar da ta wuce wannan. Ƙungiyarsu ta duniya, World Federation of Advertisers, ta fitar da tsarin ƙirga kawuna a dandalai da talabijin tare ba tare da fallasa bayanan kowa ba, ƙungiyar masu talla ta Birtaniya, ISBA, kuma ta gina shirin Origin a kansa. Shirin yana haɗa bayanan da dandalai suka bayar da na wasu zaɓaɓɓun gidaje da ake bibiyar abin da suke kallo, don a kimanta maimaicin. Kamfanin sabulun da ke misalinmu ba shi da irin wannan gata, don haka layin da ya dace ya fito a rahotonsa na Litinin shi ne: tsakanin asusu 18,000 da 34,800 a dandalai uku, ban da X.